Tsokaci a kan Sashe na 51: Mahaukaci da Haƙƙin Magada

Sashe na 51 na Kundin Dokokin Laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya wanke wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa ko sanin haramcinsa. A nan ya dace da mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Gwandu da Argungu suka daɗe suna hukunci da ita. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya ruwaito cewa Mu'awiya ya umarci Marwan ya tsare wani mahaukaci da ya yi kisa, amma kada a yi masa ƙisasi.

Sai dai sashen ya yi shiru game da magada. Mu ƙaddara wani masunci a Argungu, farkon kamu yana cikin ciwon, ya halaka abokin sana'arsa. Doka za ta ce babu laifi. Fiƙihu kuwa ya ɗauke ƙisasi ne kawai, domin gangancin mahaukaci hukuncinsa na kuskure ne. Saboda haka diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000, tana kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su biya cikin shekara 3. Idan kuma babu su, baitulmali ya ɗauka.

Tun daga 2000 Jihar Kebbi ta faɗaɗa aiki da Shari'a zuwa laifuka. Abin da ya kamata masu nazari su warware shi ne: wace ce aƙilar mazaunin Birnin Kebbi a yau, da dangi suka watsu? Muddin ba a amsa ba, uzurin hauka zai kare mai kisa, ya bar marayu hannu rabbana.

Allah ne Masani.