Sanda a kwance: kariya ga zanen da aka raina

Akwai ƙorafi iri biyu da ake yawan yi wa zanen alƙaluma a rahotanni. Masu na farko, yawanci tsofaffin ma'aikatan lissafi, suna cewa zane ado ne kawai, jadawali ya wadatar, wanda yake son gaskiya ya karanta lambobi. Masu na biyu kuwa suna son zane, amma sai mai launuka bakwai, da'ira da aka yanka gunduwa-gunduwa, ko sanduna masu inuwa kamar za su fito daga takarda. Duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan raina zane guda: sanduna a kwance, launi ɗaya, suna a hagu, lamba a ƙarshen kowace sanda. Wai ya yi lami, wai ko ɗan makaranta ma ya iya shi. Ni kuwa shi nake karewa, domin shi ne zanen da yake barin suna da ma'auni su karantu.

Tarihin ba shi da tsawo. William Playfair, mutumin Sikotilan, ya buga littafinsa na alƙaluman kasuwanci a 1786, inda ya nuna cinikin Sikotilan da wasu ƙasashe da sanduna, kuma a kwance ya ja su. Da'irar da ake yankawa ma shi ya kawo ta a 1801. A 1984 William Cleveland da Robert McGill suka gwada yadda mutane suke ƙiyasta adadi daga zane, suka samu cewa ido ya fi dacewa idan yana kwatanta abubuwan da suka tashi daga layi ɗaya, a kan idan yana kwatanta kusurwa ko faɗi. Wannan ya isa shimfiɗa.

Mu ɗauki jadawalin da kusan kowane rahoto a kan Arewa maso Yamma yake ɗauke da shi, wato ƙidayar 2006. Kano 9,401,288, Kaduna 6,113,503, Katsina 5,801,584, Jigawa 4,361,002, Sakkwato 3,702,676, Zamfara 3,278,873, Kebbi 3,256,541. Jimilla 35,915,467. Ba ruwanmu a nan da muhawarar da aka yi a kan ƙidayar. Lambobi ne da aka wallafa, kuma aikinmu mu nuna su.

Mai son da'ira zai yanka ta bakwai. Yankin Kaduna zai ci kusan digiri 61, na Katsina kusan 58. Tsakaninsu akwai mutum sama da dubu 300, amma digiri uku ne kawai a takarda, kuma yankunan biyu ba su fuskanci gefe ɗaya ba. Zamfara da Kebbi kuwa bambancinsu bai kai rubu'in digiri ba. To a ina za a sa sunaye? Ƙananan yankunan ba su da filin rubutu, sai a kwashe sunayen a zuba su a wani ɗan akwati a gefe, kowane suna da launinsa. Mai karatu sai ya dubi yanki, ya riƙe launin a ka, ya je akwati ya nemo shi, ya dawo. Sau bakwai. Ranar da aka yi wa rahoton fotokwafi baƙi da fari, wanda shi ne ƙarshen mafi yawan rahotanninmu, ja da kore sukan koma toka iri ɗaya, akwatin ya tashi daga aiki, zanen ya zama ba suna.

Sanduna a tsaye sun fi da'ira, amma suna da tasu cutar. Filin da kowane suna yake samu a ƙasa bai wuce faɗin sandarsa da ɗan ratar gefe ba. Kano ta shiga, Sakkwato ta matse. Idan sunayen suka zama na ma'aikatu ko na ƙananan hukumomi, irin su Ƙaura Namoda ko Birnin Gwari, manhaja sai ta karkace su, ko ta miƙar da su tsaye, wani lokaci ma ta riƙa tsallake wasu ba tare da ta faɗa ba. Mai karatu ya koma yana karkata wuya.

Yanzu a kwantar da sandunan. Kowane suna ya samu layinsa, ana karanta shi daga hagu zuwa dama yadda ake karanta kowane rubutun boko, tsawonsa bai dami kowa ba. Ido ya karanta Kaduna, ya bi sandar, ya tarar da lambar a ƙarshenta. Babu akwatin launuka, domin launi ɗaya ne. Ka lura da abin da ya faru: layin jadawali ne bai canza ba, suna a hagu, lamba a dama, sai dai an shimfiɗa sanda a tsakani. Wannan ita ce amsata ga masu cewa jadawali ya wadatar. Ba a ƙwace musu jadawalinsu ba, an ƙara masa ido ne.

Amma sai an yi aikin da kyau, kuma aikin yana farawa tun kafin a taɓa zanen. Jadawalin hukuma yakan jera jihohi bisa haruffa, Jigawa a sama, Zamfara a ƙasa. Wannan jeri na mai neman suna ne. Mai duba zane girma yake nema, saboda haka a jera daga babba zuwa ƙarami. Layin jimilla kuma a bar shi a waje. Idan aka haɗa shi cikin zaɓi, sandar miliyan 35.9 za ta cinye filin, sauran bakwai su tsuke. Akwai kuma wata ɗabi'a ta `Excel` da take ruɗa mutane: idan ka zaɓi `Clustered Bar`, layin farko na jadawali a ƙasan zane yake sauka, sai ka ga Kebbi a sama, Kano a gindi. Maganin yana cikin `Format Axis` na gefen sunaye, inda ake sa alama a `Categories in reverse order`.

Sai maganar lambobin kansu, inda na fi so a tsaya. Rubuta 9,401,288 a ƙarshen sanda ɓata fili ne. Babu mai riƙe lamba mai gurbi bakwai a kallo ɗaya, kuma cikakkiyar lambar tana nan a jadawali ga mai buƙata. A mayar da su miliyoyi. Tambayar ita ce gurbi nawa za a bari bayan ɗigo, kuma lambobin ne suke ba da amsa, ba son zuciya ba. Gwada gurbi ɗaya: 9.4, 6.1, 5.8, 4.4, 3.7, 3.3, 3.3. Zamfara da Kebbi sun zama ɗaya, alhali an jera wata a kan wata, sai mai karatu ya tambayi dalili. Gwada biyu: 3.28 da 3.26. Bambancin mutum 22,332 ya fito. Idan rahoton yana magana ne a kan rinjayen Kano, gurbi ɗaya ya isa. Idan yana jera jihohi ne, biyu ake buƙata. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne cakuɗawa, 9.4 a sama, 3.28 a ƙasa. Kuma ba sai an raba lambobin da hannu ba. A tsarin lamba na alamomin sandunan a rubuta wannan:

```
0.00,,
```

Kowace waƙafi a ƙarshe tana raba abin da ake gani da dubu ɗaya, lambar asali kuma tana nan yadda take.

To amma 9.40 na mene ne? A nan mafi yawan zanuka suke faɗuwa. A jadawali ma'aunin yana zaune a kan shafin, ko a ƙaramin rubutu a ƙasa, kuma idan aka kwashe lambobi zuwa zane, shi ne abu na farko da ake mantawa a baya. Wasu sukan gyara ta hanyar maimaita kalmar miliyan a kan kowace sanda, sau bakwai, wanda cunkoso ne. Wasu sukan rubuta ta a tsaye a gefen zane da ƙananan haruffa. Wurinta ɗaya ne: layi na biyu a ƙarƙashin kanun zanen, a miƙe, da girman da ake karantawa. “Yawan jama'a, a miliyoyi, ƙidayar 2006.” Abin da aka auna, ma'aunin, da shekarar, duka a numfashi ɗaya. Idan farashin hatsi ne, a faɗi ko na buhu ne ko na tiya, kuma buhu mai kilo nawa, tunda kowa ya san buhu bai zama ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa. Idan rahoton zai tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, a tuna cewa a tsarin Faransanci waƙafi ake sawa inda muke sa ɗigo, 3,28 a maimakon 3.28, kuma kuɗin ya zama sefa. A faɗi wanne aka bi.

Da zarar lamba ta zauna a kan kowace sanda, layin ma'auni na ƙasa da layukan da suke ratsa zanen sun zama maimaici, ana iya share su. Sai dai kafin a share, a tabbatar sandunan daga sifili suka tashi. Wanda ya fara daga miliyan 3 domin bambanci ya fito, zai ja wa Kano tsawon 6.4, Kebbi 0.26. Ido zai ga Kano ta ninka Kebbi kusan sau 25, alhali ba ta kai sau uku ba. Lambobin da aka rubuta daidai ne, sandunan ne suke ƙarya, kuma mai karatu sanda yake gaskatawa.

Saura girman rubutu. Ana ƙera zane a faffaɗan allon kwamfuta, faɗin santimita 16, haruffa girman 10, sannan a ja kusurwarsa a matse shi zuwa santimita 8 domin ya shiga rabin shafi. Idan a matsayin hoto aka liƙa shi, haruffan sun koma 5. A ƙera shi tun farko a faɗin da zai zauna, haruffa kada su gaza 9. A duba kuma ko salon haruffan yana da ƙ, ɗ da ɓ, domin wasu salon ba su da su, sai Ƙaura ta fito da ɗan akwati a gaba. Gwajin ba ya cin kuɗi: a buga shafin baƙi da fari, a yi masa fotokwafi, sannan a buɗe shi a waya.

Na san inda sanda a kwance ba ta da iko. Abin da yake tafiya da lokaci, kamar farashin shinkafa wata-wata, layi yake so, daga hagu zuwa dama. Idan kuma jadawali yana da ma'auni biyu, yawan jama'a da faɗin ƙasa, to zane biyu ne, gefe da gefe, da jerin sunaye iri ɗaya. Cusa su a zane guda da ma'auni a hagu da wani a dama ruɗu ne kawai. Amma duk inda ake kwatanta abubuwa masu suna, jihohi, asibitoci, ma'aikatu, ban ga abin da ya kama ƙafarta ba.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne, zane ba ya zama a rahoton da aka haife shi. Ana ɗaukar hotonsa a tura a waya, ana haska shi a bango wurin taro, jarida ta ciro shi ba tare da sakin layin da yake bayaninsa ba. Saboda haka kanunsa ma ya kamata ya yi magana. “Zane na 3: Yawan jama'a” bai faɗi komai ba. “Kano kaɗai tana da fiye da rubu'in jama'ar Arewa maso Yamma” ya faɗi abin da ake so a gani, kuma ana iya bincikarsa: 9.40 cikin 35.92 kashi 26 ne cikin ɗari. Idan aka zaɓi wannan kanu, sai a ƙara wa sandar Kano duhu, a bar sauran shida da toka mai haske, a kuma rubuta jimillar a layin ma'auni, tunda an cire sandarta.