"Ka haɗa min manazarta a salon APA": to daga ina?

Idan lokacin miƙa kundin digiri ya matso, za ka ji ɗalibi ya tura wa abokinsa ko mai shagon kwamfuta babi biyar, ya ce a haɗa masa manazarta a salon APA. Littattafai da maƙalun da ya karanta fa? Shiru. Wataƙila kai ma an taɓa roƙonka haka.

Wannan roƙo gurgu ne tun daga tushe. APA, ko Harvard, ko Vancouver, ƙa'idar jerawa ce kawai: sunan marubuci, shekara, taken aiki, inda aka buga shi, wanne ke gaba, ina waƙafi zai zauna. Ba ta samar da ko ɗaya daga cikinsu. Idan abin da ke cikin rubutun shi ne "(Musa, 2015)", wane Musa? Wace mujalla? Wanda aka bai wa aikin zaɓi biyu gare shi: ya dawo ya tambaye ka, ko ya cike gurbin da abin da ya yi kama. Mai gaggawa na biyun yake ɗauka. A Vancouver ma abin ya fi muni, tunda lamba ce kawai a cikin rubutun.

Kuma manazartar bogi ba ta da alama a fuska. Kamfanin ɗab'i na Elsevier ya taɓa sa wani misali a jagorar marubutansa don nuna yadda ake jera manazarta: maƙalar Van der Geer, Hanraads da Lupton ta shekarar 2000, mai taken "The art of writing a scientific article". Babu wannan maƙala, misali ne kawai. Amma a 2017 Farfesa Anne-Wil Harzing ta yi rubutu a kanta, bayan Pieter Kroonenberg ya lura cewa an ambace ta kusan sau 400 a rumbun Web of Science. Yawanci takardun taro ne, inda marubuta suka bar misalin cikin jerinsu ba su goge ba. Tsarinta daidai yake, shi ya sa ta wuce idon editoci.

To yaya za ka gane? Ka kwafi taken ka saka a Google Scholar ko Crossref. Idan akwai lambar DOI (da 10. take farawa), ka liƙa ta bayan doi.org/ ka ga inda za ta kai ka. Sai ka duba ko mujallar da shafukan sun dace da shekarar. Ko maƙalar ta fito ma, da sauran aiki: buɗe ta ka ga ko ta faɗi abin da aka jingina mata. Nan ne waɗanda aka tsinto daga baya don cike gurbi suke tonuwa, domin take ne kawai ya yi kama.

Idan taimako kake so, ba laifi, jera manazarta akwai gajiyarwa. Amma ka miƙa maƙalun kansu ko lambobin DOI ɗinsu, sannan ka faɗi salon da sashenku ke so. Jimlar da ka rasa inda ka samo ta kuwa, ko ka nemo tushenta ko ka cire ta.