Ƙwan da Ake Dafawa Ba Ɓawo: Ina Sirrin Yake?

A girkin Faransa akwai dahuwar ƙwai da ake auna hannun kuku da ita. A fasa ƙwai cikin ruwan zafi, ba ɓawo ba mai, ya fito dunƙule, farin ya lulluɓe gwaiduwa tana nan ruwa-ruwa. Masu koyarwa sun fi yawan magana a kan binega da juya ruwa. Ni a ganina tun a wurin sayen ƙwan ake cin nasara ko a faɗi.

Farin ƙwai kashi biyu ne: mai kauri da ke manne da gwaiduwa, da tsararo a gefe. Kullum ƙwai ya kwana, iska na fita ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa, mai kaurin yana tsinkewa. Ƙwan da ya daɗe a kiret cikin shago lokacin bazara ya fi saurin tsufa. Fasa ɗaya a faranti ka gani: sabo zai zauna tsaf, gwaiduwarsa a tashe, tsoho kuwa sai ya malale. Wannan malalar ce ke zama zare-zare a tukunya. In ba a samu sabo ba, a fasa shi a ƙaramin mataci, tsararon ya ɗige, a dafa abin da ya rage.

Ruwan bai kamata ya tafasa ba. Digiri 80 zuwa 85 ya isa, wato lokacin da ƙananan kumfa suka bayyana a gindin tukunya amma saman bai fara motsi sosai ba. Tafasa na yayyaga farin kafin ya kama, ruwa mai ɗumi kuma na barinsa ya baje a ƙasa.

Binega tana da amfaninta, don tsaminta na sa bayan farin ya kama da wuri. Cokalin cin abinci ɗaya na farar binega a lita ɗaya ya wadatar. In ta yi yawa, bayan ƙwan zai yi kaushi, tsami ya taso a baki. Tana taimaka wa ƙwai mai ɗan kwana, amma ba ta mayar da tsoho sabo.

Saura hannu. A fasa ƙwan a ƙaramin kofi, a kai bakin kofin har ya taɓa ruwa, a zamar da shi a hankali, sannan a ƙyale shi. Juya ruwa ya yi ta kewayawa kafin a saka, ƙwai ɗaya kawai yake yi wa aiki. Na biyu zai afka wa na farko. Bayan minti 3 a ɗago da matsami, a taɓa da yatsa: farin ya tsaya, tsakiya na lotsawa. In daga firiji ƙwan ya fito, a ƙara kamar minti ɗaya. A ɗora a tsumma mai tsabta ya tsane, kada ya jiƙa burodi.

A gidajen abinci, tun da wuri ake dafawa, a tsoma a ruwan ƙanƙara don dahuwar ta tsaya, in baƙo ya zo a ɗumama a ruwan zafi kamar minti ɗaya. Mai juna biyu da ƙananan yara dai a bari gwaiduwar ƙwansu ta dahu sosai.