Nazarin Bayanin Matsala a Jawabin Neman Jari na Sabbin Kamfanoni

Jawabin neman jari shi ne taƙaitaccen bayanin da masu kafa sabon kamfani suke gabatarwa ga masu kuɗi domin su sayi wani kaso na kamfanin tun yana jariri, kuma bisa al'ada ana shirya shi a shafuka kaɗan da ake haskawa a allo ko a aika wa mai zuba jari ya karanta shi kaɗai. Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki da kamfanin Apple kafin ya shiga harkar zuba jari, ya yaɗa ƙa'idar cewa kada shafukan su wuce 10, kada jawabin ya wuce minti 20, kuma kada girman haruffan ya gaza maki 30. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar salon rubutu, domin shafin da aka rubuta da manyan haruffa ba ya ɗaukar fiye da 'yan layuka, saboda haka bayanin matsala, wato shafin da ke faɗin wahalar da kamfanin ya zo ya magance, yakan tsaya a jimla biyu ko uku. A tsarin da kamfanin zuba jari na Sequoia Capital ya wallafa wa masu neman jari ma, matsala ce ke biyo bayan manufar kamfani kai tsaye, kafin a ambaci mafita.

Ɗaya daga cikin misalan da aka fi yawan nazari a wannan fanni shi ne na kamfanin Airbnb, wanda Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk suka kafa a birnin San Francisco a shekarar 2008, a lokacin sunansa AirBed & Breakfast. Shafin matsala na jawabinsu na farko jimla uku ne. Ta farko ta ce farashi babban abin damuwa ne ga masu neman masauki ta intanet, ta biyu ta ce otal yana raba baƙo da gari da al'adun mutanensa, ta uku kuma ta ce babu wata hanya mai sauƙi ta kama ɗaki a gidan ɗan gari ko ta karɓar baƙo a gidan mutum. A shekarar 2009 kamfanin ya shiga shirin renon kamfanoni na Y Combinator, sannan Sequoia ya zuba masa jari na kimanin dala 600,000.

Abin lura a wannan tsari shi ne cewa kowace jimla tana da aikinta, kuma ba a jera su a matsayin koke-koke uku masu zaman kansu ba. Jimlar farko ta nuna mutumin da abin ya dama da kuma inda yake masa ciwo, ta kuma ƙuntata shi zuwa matafiyin da ya riga ya saba biyan kuɗi ta intanet, wanda ke nufin ba sai an koya masa sabuwar ɗabi'a ba. Jimla ta biyu ta kama sunan abin da mutumin yake amfani da shi yau, wato otal, ta faɗi inda ya gaza, kuma wannan ita ce jimlar da masu koyo suka fi tsallakewa, alhali mai zuba jari ya san cewa duk wanda ke cikin wahala ta gaske ya riga ya samo wata dabara da yake lallaɓawa da ita, kuma da wannan dabara ce sabon kamfanin zai yi takara. Jimla ta uku ta nuna giɓin da ya rage, ta kuma shigo da mutum na biyu, wato mai gida, domin kasuwa irin ta Airbnb ba ta tsayuwa sai an sami mai ɗaki da mai neman ɗaki a lokaci guda.

Duk da shaharar wannan shafi, yana da rauni da bai kamata a kwaikwaya ba. Babu adadi ko ɗaya a cikinsa, ba a faɗi nawa otal yake ci ba balle nawa matafiyi zai rage, sannan iƙirarin cewa otal yana raba baƙo da gari ra'ayi ne da ba kowane matafiyi ya damu da shi ba. Jimla ta uku kuma mafita ce da aka sa wa rigar matsala, domin duk jimlar da ta fara da cewa babu hanyar yin kaza, a zahiri tana bayyana hajar kamfanin ne ta bayan gida, kuma rashin wanzuwar abu ba ya tabbatar da cewa ana bukatarsa. Abin da ya ceci masu Airbnb shi ne hujjar da suka kawo a wani shafi na gaba, inda suka nuna yawan masu amfani da dandalin Couchsurfing da yawan tallan masaukin wucin gadi a dandalin Craigslist, ga kuma shaidar cewa tun a 2007, lokacin da wani taron masu zane ya cika otal-otal na San Francisco, su da kansu sun sauke baƙi uku a kan katifun iska sun karɓi kuɗi.

Ana iya gwada tsarin da misali na ƙage, na kamfanin da ke son bayar da hayar akwatunan roba ga dillalan tumatir masu ɗaukar kaya daga Kwanar Gafan a Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Rubutun farko da irin waɗannan matasa sukan yi shi ne cewa harkar noma tana fama da ƙalubale masu yawa, ana asarar amfanin gona sosai, kuma babu manhajar da ke haɗa dillalai da ma'ajiyar zamani. Babu mutum takamaimai a jimlar farko, babu ma'auni a ta biyu, ta uku kuma tallar manhaja ce. Idan aka ɗauka cewa masu kamfanin sun bi motoci sun ƙirga da idonsu har suka ga kwando 1 cikin kowane 5 yana isa Legas a ruɓe, gyararren rubutun zai kasance kamar haka: "Dillalin da ke kai tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12 yana asarar kwando 1 cikin 5 a kowace tafiya. Kwandon da yake amfani da shi yana da araha, amma idan aka jibge shi a mota nauyin na sama yana murƙushe na ƙasa. Akwatin roba yana rage wannan ɓarna, sai dai dillali ba ya sayensa saboda sai ya biya kuɗin dawo da shi Kano babu komai a ciki."

A nan jimla ta uku ta faɗi dalilin da ya sa matsalar ta daɗe ba a warware ta ba, kuma ko da kamfanin bai taɓa wanzuwa ba maganar tana nan gaskiya, wanda shi ne gwaji mafi sauƙi na raba matsala da talla. Adadin da ke jimlar farko kuma yana bai wa mai zuba jari abin lissafi, domin da ya san kuɗin kwando da yawan tafiye-tafiye a kaka zai iya ƙiyasta iyakar abin da dillali zai yarda ya biya na haya. Haɗarinsa shi ne tambayar da za ta biyo baya nan take, ta inda aka samo adadin, mota nawa aka ƙirga, da rani ne ko da damina, kuma wa ke ɗaukar asarar tsakanin manomi da dillali da mai mota. Idan amsar ta nuna cewa dillali yana zabge asarar daga farashin da yake bai wa manomi, to an ɗora jimlar farko a kan wanda ba shi ke jin zafin ba, kuma dole a sake rubuta dukkan jimlolin uku da manomi a matsayin mai matsalar, tare da sake tambayar ko yana da kuɗin biyan hayar.