Mai tiren Sallah, fara ƙirga kaskonki kafin ki ɗora sitatus

Da azumi ya haura ashirin, sitatus ɗin WhatsApp kan cika da samosa, sifirin rol, fanke da soyayyun kaji, an jera su a tire an lulluɓe da leda. Matan da ke sana'ar girki a gida sun gano cewa nan ne kasuwarsu, kuma ba su yi kuskure ba. Inda nake da ja shi ne yadda yawancinsu ke tafiyar da tallar. Hotuna goma sha biyar a jere, babu farashi, babu ranar rufe oda, babu adadin tiren da za a iya yi, sai dai a rubuta a ƙasa a yi magana ta ciki. Ra'ayina shi ne jerin sitatus na Sallah daga kicin ya kamata ya taso. Sai mace ta san iya abin da hannunta da kaskonta za su fitar, sannan ta tsara abin da za ta faɗa wa mutane kowace rana.

Yanayin sitatus ɗin kansa ne ya wajabta haka. Tun da WhatsApp ya fito da shi a 2017, duk abin da aka ɗora yana gogewa bayan awa 24. Kuma ba kowa ke gani ba, sai wanda kike da lambarsa a wayarki, shi ma yake da taki a tasa. Ma'ana, masu kallonki mutane ne da suka san ki: dangi, maƙwabta, ƙawayen islamiyya, tsofaffin kwastomomi. Su ɗin dai ne jiya, su ne yau, su ne gobe. Idan kika maimaita musu hotuna iri ɗaya har kwana goma, za su riƙa tsallake ki, wasu ma su ɓoye sitatus ɗinki su huta. Kina iya gane hakan da kanki: ki duba adadin waɗanda suka kalli hoton farko, ki kwatanta da na ƙarshe a jerin ranar. In tazarar ta yi yawa, abin da kika ajiye a ƙarshe kaɗan ne suka gan shi, kuma sau da yawa a can ake ɓoye bayanin da ya fi amfani.

Mu ɗauki misali. Mu ƙaddara wata 'yar'uwa ce a Kano, ita da mai taya ta aiki guda ɗaya, tana da murhun gas mai kai biyu da firiza ɗaya. Tirenta na ɗauke da samosa 20, sifirin rol 20, fanke 30 da yankan kaza 10. Ta ga oda na shigowa, ranta ya yi fari, ta karɓi tire 30, kowa kuma ya ce da safiyar Sallah yake so. Tire 30 na nufin samosa 600 da sifirin rol 600. In kaskonta na ɗaukar guda 20 a zubi ɗaya, kowane zubi na cin kamar minti shida, to zubi 60 ke nan, awa shida cur a kasko ɗaya, ko awa uku in ta kunna kai biyu. Fanke 900, a zubi talatin-talatin na minti biyar, ya ci wasu awa biyu da rabi. Ba a taɓa kaza ba tukuna, ba a jera tire ba, ba a jira ya sha iska ba.

Daga nan ɓarnar ke farawa. Don ta cika alkawari za ta fara suya tun tsakar dare. Samosar da aka soya ƙarfe biyu na dare, aka rufe ta da leda da zafinta, tururi zai jiƙa ta, kafin a sauko daga Idi ta yi laushi. Cikinta kuma nama ne, bai kamata ya yini a rufe cikin zafi ba. In ta yi gaggawa ta cika kaskon fiye da kima, zafin man zai sauka, kayan su sha mai, su fito da nauyi. Kwastoma ba ruwanta da wannan uzuri, ita dai ta ga abin da aka kawo mata bai yi kama da hoton da ta gani ba.

Da 'yar'uwar nan ta yi lissafin tun farko, da ta ga cewa tire goma a rana shi ne ƙarfinta: goma ranar Sallah, goma washegari, goma rana ta uku. Jimilla dai talatin ɗin ne, kuɗin bai ragu ba. Wannan adadi na goma a rana shi ne ƙashin bayan jerin sitatus ɗinta, domin shi zai ba ta sabon abin faɗi kullum ba tare da ta ƙirƙiri komai ba.

Ga yadda nake ganin jerin zai tafi. Wajen ranar 18 ko 19 ga azumi ta ɗora hoton tire ɗaya, nata na gaskiya, a hasken rana, da rubutu a kai: abin da ke ciki da adadinsa, farashi, da unguwar da take. Washegari ta ɗora sharuɗɗa: nawa ne kafin alƙalami, yaushe ake cika sauran, wa ke biyan kuɗin kaiwa, ranar da za a rufe oda. Rana ta uku ta buɗe gurabe, goma-goma na kwana uku. Daga nan kowace rana abu biyu ko uku sun isa: gurabe nawa suka rage, ɗan gajeren bidiyon aiki kamar naɗin samosa ko tsaftar teburin da ake jerawa, sai kuma hoton farashin nan na ranar farko a sake ɗora shi, tunda na jiya ya goge. Ranar 26 ko 27 ta rufe, ta kuma rubuta cewa ta rufe. Kwanakin da suka rage na naɗi ne da sa wa a firiza, da tabbatar da cewa gas da mai za su kai.

Lokacin ɗorawa ma abin lura ne. Hoton soyayyar kaza da azahar a bakin azumi ba kowa ke maraba da shi ba. Bayan an sauko daga asham, ko wajen sahur, mutane na riƙe da waya, hankalinsu a kwance, maigida ma yana kusa in za a nemi kuɗin.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Ƙaramar Sallah wanda masu talla ke mantawa. Ba a san ranarta ba sai daren 29 ga wata, lokacin da ake jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Saboda haka kuskure ne a rubuta za a kai tire ranar Laraba ko Alhamis. A rubuta ranar Sallah, washegarin Sallah, rana ta uku, kowa ya san inda ya tsaya ko wata ya yi nusan ko ya cika talatin. Kuma kada a kwaɓa fanke sai an ji sanarwa, don kwaɓi mai yis ba ya jiran gobe, tsami zai yi. Babbar Sallah ba ta da wannan matsala, tunda da an ga watan Zulhajji an san ranar 10 ce, sai dai a lokacin gidaje cike suke da nama, tiren da ya fi tafiya shi ne mai kayan fulawa. A Kano kuma sai a tuna da hawan Sallah da hawan Daushe in za a yi su, lokacin da hanyoyin cikin gari kusa da fadar Sarki ke cushewa. Mai adaidaita sahun da zai kai saƙo can gara ya tashi da wuri, kuma a faɗa wa kwastoma hakan tun a sitatus ɗin sharuɗɗa.

Na san abin da masu ɓoye farashi za su ce. Na farko, in ka bayyana, wata za ta gani ta karya nata. Na biyu, fulawa da man gyaɗa na tashi gab da Sallah, farashin yau ba lallai ya kai mako ba. Hujjar farko ba ta da ƙarfi, domin mai son sanin farashinki ƙanwarta za ta sa ta tambaye ki. Wadda kike asara ita ce matar da ke jin kunyar ta tambaya sannan ta kasa saye, musamman da yake ta san ki. Ita kuwa ta biyu gaskiya ce, amma maganinta a sa wa farashin wa'adi. A rubuta wannan farashi ya tsaya har ranar 24 ga azumi ga wadda ta ba da kafin alƙalami. In tire ya tashi a kan Naira 20,000, kayansa sun ci Naira 14,000, to kafin alƙalamin ya zama aƙalla 14,000 ɗin, a sayi kayan a ranar. Ta haka tashin kasuwa ba zai ci ribarki ba, wadda ta fasa kuma ba za ta bar ki da bashin mai kanti ba. Kada kuma ki rage gurbi a sitatus don an turo miki hoton shaidar biya, sai kin duba asusunki kin ga kuɗin sun shiga.

Abubuwa biyu ne nake ganin bai kamata a yi musu sassauci ba. Na farko ɗauko hoton tiren wata daga Instagram a ɗora kamar na kai. Wannan algus ne, kuma ranar Sallah zai tonu, a gaban baƙin kwastoma. Na biyu ɗora hoton hirar kwastoma ko shaidar kuɗin da ta tura, da sunanta da lambarta a fili, wai don a nuna ana ciniki. Masu kallonki sun san juna. Wata ba ta so kishiyarta ko uwar mijinta ta san sayen kayan Sallah ta yi, ba ita ta soya ba. A nemi izini, a goge suna, ko a haƙura. Haka nan rubuta saura tire biyu alhali babu ko oda ɗaya ƙarya ce da ke saurin fitowa, don wadda ta ga saura biyu ranar Litinin za ta ga saura biyu ranar Juma'a.

Hajiya mai girki, kafin ki ɗora hoton farko na bana, ki sa agogo ki soya zubi ɗaya, ki ga minti nawa ya ci. Ki ninka da yawan abin da ke cikin tirenki, ki fitar da adadin da za ki iya a rana ɗaya ba tare da kin yi suyar dare ba. Wannan adadin ki rubuta a sitatus tare da farashi da ranar rufewa, in ya cika kuma ki ce ya cika, ko da yayarki ce ta zo daga baya.