Guzurin taswira: yadda gwanaye ke shirya QGIS kafin sabis ya ɗauke

Yawancin taswirar da muke gani a waya, da titunanta da hotunan rufin gidaje, ba a cikin wayar take zaune ba. Ana aiko ta ne ta intanet gunduwa-gunduwa, ƙananan hotuna masu kusurwa huɗu da ake ce wa tayil, kowanne ɗigo 256 a tsaye da 256 a kwance. Da zarar sabis ya ɗauke, aikowar ta tsaya. Ma'aikacin da ya shiga fadamar Haɗeja da Nguru don ƙidayar rijiyoyin burtsatse zai ga ɗigon da ke nuna inda yake tsaye, domin GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ruwansa da layin waya. Sai dai ɗigon zai kasance yana yawo a kan farin allo, ba hanya, ba gari, ba rafi.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, hana wannan farin allon bayyana. Ba su cika zuwa daji ba, kuma sunansu ba ya fitowa a rahoto. Suna zaune ne a ofis gaban QGIS, manhajar taswira ta kyauta da Gary Sherman ya fara a 2002, suna ɗaure wa masu fita guzuri. A kan tabulet kuwa yawanci QField ake amfani da ita, wadda kamfanin OPENGIS.ch na ƙasar Suwizalan ya ƙera don buɗe aikin QGIS a hannu. Abin da ke burge ni game da gwanin cikinsu shi ne yana yin lissafi tun kafin ya taɓa linzamin kwamfuta.

Ga yadda lissafin yake. Tayil suna da matakan zuƙowa. A mataki na 0 duniya gaba ɗaya tayil guda ce, kuma duk hawa ɗaya kowane tayil yana rabuwa gida huɗu. A yankin Haɗeja, wanda ke wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ɗigo ɗaya a mataki na 16 yana ɗaukar kimanin mita biyu da sulusi na ƙasa. A na 17 mita ɗaya da 'yan kai, a na 18 kusan santimita 60, inda tayil guda ke rufe faɗin mita 150. To, a ce yankin aikin kilomita 20 ne a tsaye, 15 a kwance. A mataki na 18 ana buƙatar tayil 134 a jere ɗaya, jere 101, wato kimanin 13,500. Idan an haɗa da matakan da ke ƙasa da shi, jimilla ta doshi 18,000. Mu ɗauka kowane tayil na hoton sama ya kai kilobait 20, fayil ɗin zai kai megabait 360. Wannan tabulet zai ɗauka ba gardama. Amma ƙarin mataki ɗaya tak, zuwa na 19, zai kai adadin wajen 72,000, nauyin kuma kusan gigabait ɗaya da rabi, ga daɗewar haɗawa.

Sabon shiga yakan zaɓi na 19 ko na 20, wai don kada a rasa komai. Gwani kuwa tambaya yake yi: me mai aikin ke son gani? Rijiyar burtsatse da dandamalinta da layin jarkoki ana gane wurinsu a na 18. Kuma GPS ɗin tabulet a fili yakan kauce da mita uku zuwa biyar, saboda haka ɗigon santimita 30 ba zai gyara kuskuren da na'urar kanta ke yi ba. Idan ma hoton asali bai kai wannan kaifin ba, hawa sama ba ya ƙara komai sai dishi-dishi mai nauyi. Hoton Sentinel-2, misali, wanda ake samu kyauta, mita goma ne ɗigonsa. Ya isa ya nuna inda ruwa ya kwanta da inda ciyawar kacala ta toshe hanya, amma ba zai taɓa nuna gida ɗaya ba ko da an zuƙo shi har ƙarshe.

Dabarar da na fi yabawa ita ce raba guzurin gida biyu. Fayil na farko ya rufe dukkan yankin, har da ƙarin kilomita biyu ko uku a kowane gefe, domin ambaliya kan tilasta wa mota zagaye, amma ya tsaya a mataki na 16. Wannan tayil wajen dubu biyu ne kawai. Na biyu kuma, matakai na 17 da 18, sai a yanka shi daidai garuruwan da za a shiga. Daji da gonakin da ke tsakani ba sa buƙatar a ga kowace bishiya. Garin da faɗinsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba tayil ɗari ne a mataki na 18, don haka ko garuruwa ashirin ne, ba a kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin farko ba.

Sai maganar inda za a samo taswirar, kuma nan ne mutane da yawa ke shiga haƙƙin wasu ba su sani ba. Abu ne mai sauƙi a buɗe OpenStreetMap a cikin QGIS a ce manhaja ta kwashe tayil dubu goma sha takwas. To amma ƙa'idar masu kula da `tile.openstreetmap.org` ta hana irin wannan kwasar, domin da gudummawar jama'a ake riƙe da na'urorin, kuma sukan toshe mai yi. Hotunan Google ma sharuɗɗansu ba su yarda a adana su haka ba. Hanyar da ta dace ita ce a sauko da bayanan kansu, wato layukan hanyoyi da koguna da sunayen garuruwa, daga Geofabrik ko ta ƙarin manhajar QuickOSM, a yi musu launi da kauri a QGIS yadda za su karantu cikin hasken rana, sannan mutum ya haɗa tayil ɗinsa daga kwamfutarsa. Hoton sama kuwa a nemi wanda ake da izininsa, ko na jirgi maras matuƙi da aikin ya ɗauka. A kuma duba lokacin da aka ɗauke shi. A fadama, hoton watan Maris yana nuna hanya ƙarara a inda kwalekwale ke bi a watan Satumba.

Haɗawar kanta ba wuya. A akwatin `Processing Toolbox` akwai `Generate XYZ tiles (MBTiles)`, wanda ke zuba dukkan tayil cikin fayil guda. Duk abin da ke kunne a kan allo shi yake ɗauka, saboda haka sai an kashe ɗigogin rijiyoyin da za a je gyarawa, in ba haka ba za su daskare cikin hoton, mai aiki ya yi ta danna abin da ba ya amsawa. A `Extent` a ba shi iyakar yankin, a cika `Minimum zoom` da `Maximum zoom`. Hoton sama a zaɓa masa `JPG`, domin `PNG` zai ninka nauyinsa. Taswirar layuka da rubutu ita ce ta fi son `PNG`. Akwai kuma `DPI`, wanda ke zuwa a 96. Allon tabulet ɗigoginsa ƙanana ne ƙwarai, sunan garin da ya fito sarai a kwamfuta sai ya koma ba ya karantuwa, shi ya sa gwanaye kan ɗaga shi zuwa 192 idan akwai rubutu.

Daga nan ne gwani ke fara zargin aikinsa. Idan ana jawo hoto daga intanet lokacin haɗawa kuma layi ya yanke na minti biyu, ba lallai manhajar ta yi ƙorafi ba. Za ta iya rubuta fararen tayil ta wuce. Don haka yakan buɗe sabon aiki fanko, ya jefa fayil ɗin shi kaɗai, ya bi kusurwa huɗu da tsakiya a kowane mataki. Wanda ya saba da rubuta umarni kuma yakan ƙirga, tunda MBTiles rumbun SQLite ne:

```
sqlite3 fadama.mbtiles "SELECT zoom_level, count(*) FROM tiles GROUP BY zoom_level;"
```

Kowane mataki ya kamata ya kusan ninka na ƙasansa sau huɗu, na ƙarshe kuma ya zo kusa da lissafin da aka yi a takarda. Idan bai zo ba, ko iyakar da aka bayar ba daidai ba ce, ko aikin ya katse.

Wani tarko kuma shi ne tsarin ma'aunin wuri. Tayil na MBTiles a `EPSG:3857` suke, bayanan aiki a wannan yanki kuwa sau da yawa a `EPSG:32632`. QGIS na daidaita su da kansa muddin kowane fayil ya faɗi gaskiyar tsarinsa. Matsalar takan zo ne daga tsofaffin taswirorin Nijeriya da aka auna bisa ma'aunin Minna. Idan aka lanƙaya musu WGS 84 ba tare da juyawa ba, komai zai goce da gomman mita. Alamarsa ita ce gocewar iri ɗaya ce a ko'ina: kowace mahaɗar hanya ta matsa gefe guda, nisa guda. Kuskuren GPS ba ya yin haka, shi warwatse yake.

Saura kai kaya cikin tabulet. Aikin QGIS ba ya haɗiye fayilolinsa, adireshinsu kawai yake riƙewa. Idan adireshin ya fara da `C:\Users`, tabulet ba shi da wannan wurin, sai taswirar ta ƙi buɗewa. Maganin shi ne a tara komai a folda ɗaya, a tabbatar `Save paths` yana kan `Relative` a cikin `Project Properties`, sannan a ɗaure da QFieldSync, a sa fayilolin taswirar a kan `Copy`. Duk wata taswirar intanet da ta rage a aikin a cire ta gaba ɗaya, kada a tsaya a kashe ta kawai. Dalili kuwa, na'ura kan ajiye tayil ɗin da ta taɓa gani na ɗan lokaci, sai gwajin ofis ya yi kyau alhali tsohuwar ajiya ake kallo.

Gwajin ƙarshe a tsakar gida ake yinsa, ba a kan tebur ba. A kunna `Airplane mode`, a tabbatar Wi-Fi a kashe yake, a rufe QField a sake buɗe ta, a zuƙo garin da ya fi kowanne nisa, wanda ba a taɓa dubawa a wannan na'urar ba. Sannan a jira ɗigon wuri ya bayyana. Ba tare da taimakon layin waya ba, kamun farko kan ɗauki mintuna, kuma gara mai aiki ya san haka tun yanzu don kada ya ɗauka na'urar ta lalace. Idan an jima ɗigon bai zo ba sam, a binciki tabulet ɗin kansa. iPad ɗin da ba ya karɓar layin waya ba shi da GPS a ciki, da Wi-Fi na maƙwabta yake ƙiyasta wurinsa, abin da ke aiki a cikin Kano amma ba ya aiki a bakin fadama. Irin wannan sai an haɗa shi da ƙaramar na'urar GPS ta Bluetooth, a kuma maimaita gwajin da ita kafin mota ta tashi.