Lambar da Ba a Dubawa a Jikin Bireka

Idan mai haɗa wuta ya shiga shago sayen bireka, tambayarsa ɗaya ce: amfiya nawa? A ba shi mai 63, ya biya ya tafi. Alhali a jikin birekar akwai wata lamba cikin ɗan akwati, 6000 ko 10000, wadda ba kasafai ake kallonta ba. Lambar amfiya tana nuna nauyin da bireka ke ɗauka yau da gobe. Ta cikin akwatin kuwa ita ke nuna ƙarfin wutar da za ta iya yankewa idan wayoyi suka haɗu. Wannan al'ada ta sayen bireka da amfiya kaɗai ita ce nake ganin ta fi cutar da sana'ar.

A ɗauki taransifoma mai 500 kVA da ke ba da 415 V, wadda aka rubuta turjiyar kashi 4 cikin ɗari a farantinta. Lissafin ba wuya:

```
I = 500000 / (1.732 × 415) = 696 A
Isc = 696 / 0.04 = 17.4 kA
```

Wato idan layuka ukun suka haɗu a babban allon da ke gindin taransifomar, wuta kusan amfiya 17,400 za ta kwararo. Bireka mai 6000 ba ta da ikon kashe wannan tartsatsin. Ko dai haƙoranta su narke su manne wuta ta ci gaba da gudu, ko ta fashe ta babbake allon. A irin wannan wuri MCCB ake sawa, mai Icu na 25 kA ko fiye. A kuma duba Ics, domin shi ke nuna wutar da za ta yanke ta kuma ci gaba da aiki bayan haka.

Nisa yana rage wutar, amma ba kamar yadda ake zato ba. Idan aka ja kebul na tagulla mai 70 mm² tsawon mita 50 zuwa ƙaramin allo, wutar takan sauko zuwa wajen 10 kA. Har yanzu mai 6000 ba ta isa ba, mai 10000 ma da ƙyar. Gidan da ke can ƙarshen layi, bayan doguwar siririyar waya, shi ne 6000 ke wadatarwa, kuma daga irin waɗannan gidaje aka ɗauko al'adar aka kai ta masana'antu da otal-otal.

Abin da ya fi damuna shi ne canjin taransifoma. Mai 200 kVA da turjiya iri ɗaya ba ta wuce 7 kA ba. Ranar da aka cire ta aka dasa mai 500 kVA, kowa na murna wuta ta yi ƙarfi, amma birekun ciki na nan yadda suke, kuma haɗarin ya ninka sau biyu da rabi. Ba za a ga alamar komai ba, domin bireka za ta yi ta aikinta lafiya lau har ranar da wayoyi suka haɗu kusa da allon.